Bitar karatu a lokacin jinya: tambayoyi da amsoshi ga masu shirin WAEC, NECO da JAMB

Tambayoyin nan na ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ne waɗanda jarrabawa ta tunkaro su alhali suna jinyar uwa ko uba ko kaka, a asibiti ko a gida. Za mu riƙa komawa kan misali guda: ɗalibar kimiyya mai son karatun aikin jinya, wadda mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma saura mako 8 a fara WAEC. Wanda yanayinsa ya bambanta sai ya sauya lambobin.

Na sha zana jadawalin karatu amma ba ya kwana uku sai ya rushe. Me ke jawo haka?

Jadawalin da aka saba zanawa a makaranta da agogo aka ɗaure shi: huɗu zuwa shida Lissafi, takwas zuwa goma Turanci. Mai jinya kuwa ba shi da iko da agogonsa. Likitoci za su iya zagayowa ƙarfe tara yau, gobe sai sha ɗaya. Za a iya miƙo maka takardar gwajin jini a ce ka je ka biya kuɗi ka dawo, layin ya cinye maka awa biyu. Da zarar ƙarfe huɗu ta wuce ba ka zauna ba, sai ka ji kamar ranar ta lalace gaba ɗaya, washegari kuma ka tashi da bashin jiya a kanka. Kwana uku a haka, bashin ya fi ƙarfinka, sai ka yar da takardar.

Gyaran shi ne ka kwance karatun daga agogo ka ɗaura shi a kan abubuwan da tabbas za su faru kullum, ko da lokacinsu ya motsa. Sallar asuba za a yi ta. Maganin safe za a sha. Za a yi wa mara lafiya wanka ko a goge masa jiki, kuma yawancin marasa lafiya barci ke ɗaukar su bayan haka saboda gajiya. 'Yan dubiya za su zo da yamma. Sai ka rubuta: bayan asuba, aiki kaza, idan Umma ta yi barci bayan wanka, aiki kaza, idan Gwaggo ta iso da abinci, aiki kaza. Ko wankan ya makara da awa ɗaya, karatun da ke biye da shi yana nan, ya matsa ne kawai.

Kafin ka tsara komai, ka ba kanka kwana biyu ko uku na lura. A bayan littafinka ka riƙa rubuta duk lokacin da ka samu kanka zaune babu abin yi, da tsawonsa. Daga nan za ka ga ainihin inda sarari yake, wanda sau da yawa ba inda ka zata ba ne.

Minti nawa ya kamata zaman karatu ɗaya ya ɗauka?

Ba tsawo ɗaya ba ne. Muna raba zaman gida uku, kuma abin da ke raba su shi ne amsar tambaya ɗaya: idan aka kira ni yanzu, me zan yi asara?

Ƙaramin zama minti 5 ne, kuma ana iya katse shi kowane lokaci ba tare da an yi asarar komai ba. Wannan na layin biyan kuɗi ne, da layin karɓar magani, da jiran ruwa ya tafasa. Abin da ya dace da shi: katunan hadda, wato ƙananan takardu masu tambaya a gaba da amsa a baya, da tambayoyin zaɓi. A JAMB ana amsa tambaya 180 cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, don haka minti 5 ya ishe ka tambaya 7 a daidai saurin da za a buƙata ranar jarrabawa.

Matsakaicin zama minti 20 ne, kana kusa da mara lafiya, yana barci ko yana hutawa. Ba a banza muka zaɓi 20 ba. A takardar Lissafi ta rubutu ta WAEC ana amsa tambaya 10 cikin awa biyu da rabi, minti 15 ke nan ga kowace ɗaya. Tambaya guda a minti 15, duba amsa a minti 5, zama ya cika. Takardar zaɓi kuma tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, saboda haka tambaya 10 na cin kusan minti 18.

Babban zama minti 50 ne, kuma ba a yin sa sai wani ya karɓe ka, kai kuma ka tashi daga wurin. A nan ake koyon abin da ba a gane ba tun farko, da rubuta insha'in Turanci, wanda ake so ya kai kalma 450 cikin kimanin minti 50. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko aikin babban zama a kai shi gefen gado. Ka fara sabon babi mai wuya, a kira ka a minti na goma sha biyu, ka dawo ka sake farawa, a sake kiran ka. Sai yamma ta yi ka ga ka karanta shafi ɗaya sau huɗu, bai kuma zauna ba.

Darussa tara ne a gabana. Da wanne zan fara, wanne zan rage?

A nan ne ya kamata a daɗe ana tunani, domin abin da aka yanke a nan shi ke tafiyar da sauran.

Fara da ƙidaya lokacin da kake da shi a gaskiya. Ɗalibarmu tana da kwana 56. Jinya ba ta tafiya a miƙe, don haka tun farko a cire kwana biyu a kowane mako a matsayin ranakun da jiki zai tashi ko a wuni ana yawon gwaji. Kwana 16 sun fita, saura 40. A rana mai kyau tana iya samun babban zama ɗaya, matsakaita uku, ƙanana huɗu: minti 50 da 60 da 20, jimla 130. A ɗauka awa 2 cif, tunda ba a rasa abin da zai cinye minti goman. Awa 80 ke nan. A ƙara minti 20 na kowace rana mai wuya, a samu kusan awa 5. Duk abin da ke hannunta awa 85 ne.

Idan ta raba wannan daidai wa daida tsakanin darussa tara, kowanne bai kai awa 10 ba, kuma awa 9 ba za su ɗaga mai rauni a Lissafi daga D7 zuwa C6 ba. Abin da makarantun gaba ke nema kiredit biyar ne, har da Turanci da Lissafi, a darussan da suka shafi abin da za a karanta. Kiredit yana farawa daga C6 zuwa A1. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Mai son karatun aikin jinya tana buƙatar Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Waɗannan biyar su ne masu haƙƙi a kan lokacinta.

A cikin biyar ɗin ma ba a raba daidai. Ta ɗauki tsofaffin tambayoyin zaɓi na shekara ɗaya a kowane darasi ta amsa ba tare da leƙa littafi ba, ta ga makinta. A ce ta samu 19 cikin 50 a Lissafi, 22 a Kemistiri, 24 a Fiziks, 33 a Bayoloji, Turanci kuma tana tsaka-tsaki amma taƙaita rubutu na ba ta wuya. Rabon da ya dace da ita zai yi kama da haka: Lissafi awa 25, Turanci 15, Kemistiri 15, Fiziks 12, Bayoloji 10. Awa 8 da suka rage na sauran darussa huɗu ne, irin su Hausa da ilimin addinin Musulunci, kuma mafi yawansu sai a kwanakin da ke tsakanin takarda da takarda, tunda jarrabawar na ɗaukar makonni.

Zuciya za ta riƙa jan ta zuwa Bayoloji, domin shi ne wanda take ganewa, kuma mutumin da ya gaji yana son abin da zai faranta masa rai. Amma ƙarin awa biyar a Bayoloji iyakarsa ya mayar da C4 zuwa B3, wanda ba shi ne zai hana ta shiga makaranta ba. Awa biyar ɗin nan a Lissafi za su iya zama abin da zai raba ta da sake zaman jarrabawa.

A cikin darasi ɗaya kuma fa? Manhajar tana da faɗi.

Jera tsofaffin tambayoyi na shekara biyar, ka rubuta sunan babin da kowace tambaya ta fito daga ciki, ka yi ɗan layi a gabansa duk lokacin da ya sake fitowa. Wannan aikin zai ci babban zama ɗaya ko biyu a kowane darasi, kuma ya cancanci haka. Daga nan ka raba babobin uku: wanda ka iya, wanda ka iya rabi, da wanda ba ka taɓa ganewa ba.

Mafi yawan lokacinka na rukunin tsakiya ne, wato babin da yake yawan fitowa kuma ka iya shi rabi-rabi. Shi ne mai saurin ba da maki, kuma yana shiga cikin zaman minti 20. Wanda ba ka taɓa ganewa ba, idan yana fitowa kowace shekara, ka ware masa babban zama ka nemi abokin karatu ko malami ya yi maka bayani. Idan sau ɗaya ya fito a shekara biyar, ka bar shi. Takardar Lissafi ta rubutu ma ta ba ka wannan damar: kashin farko tambaya 5 ne na dole, kashi na biyu kuwa 5 za ka zaɓa cikin 8.

Me zan yi a cikin minti ashirin ɗin don kada ya tafi a banza?

Kada lokacin zaman ya tafi wajen tunanin abin da za a karanta. Da dare, kafin ka kwanta, ka rubuta ayyukan gobe a kan ƙaramar takarda, kowanne da iyakarsa. "Karanta Kemistiri" ba aiki ba ne, domin ba shi da ƙarshe. "Tambaya 10 a kan asid da gishiri daga takardun shekaru biyu da suka wuce" aiki ne. Ka sa alama a shafin tun da dare, biro na ciki.

A zaman kansa, rufe littafi ya fi buɗe shi amfani. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, saboda idonsa ya saba da rubutun, amma ranar jarrabawa babu shafin a gabansa. Ka karanta na minti biyar, ka rufe, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Almajirin da ke hadda ba ya sanin ya riƙe sai ya kifa allo ya kawo da ka.

Abin da ka faɗi a kansa shi ne kayan katunanka. Yanka takarda ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ka ɗaure da roba ka sa a aljihu. Sabon kati ka sake duba shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Wanda ka amsa daidai sau uku ka cire shi daga ɗaurin. Kada katunan aljihu su wuce ashirin, in ba haka ba za ka daina fito da su.

Idan aka katse ni a tsakiyar aiki fa?

Ka tashi nan take. Mara lafiya ke gaba. Amma idan ba gaggawa ba ce, daƙiƙa goma sun isa ka rubuta layi ɗaya a inda ka tsaya: "na samo x, saura in mayar da shi cikin lissafi na biyu". Abin da ke cin lokaci bayan katsewa shi ne neman inda aka kwana, wannan layin kuwa yana mayar da kai wurin kai tsaye.

Idan ka wuce rabin zaman kafin a kira ka, ka ƙidaya shi a matsayin wanda aka yi. Idan ba ka kai rabi ba, ka mayar da aikin cikin takardar yau. Abin da bai samu ba har dare, kada ka ɗora shi a kan na gobe. Ka dube shi: in yana cikin manyan buƙatunka, ya maye gurbin wani aikin na gobe, in ba ya ciki, ka soke shi.

Akwai lokutan da bai kamata in riƙe littafi ba ko da ina zaune?

Akwai, kuma a wannan babu sassauci. Lokacin ba da abinci ko ruwa ga mai shanyewar ɓarin jiki, idonka ya kasance a kansa, domin haɗiya na iya yi masa wuya, abinci ya bi hanyar iska ya sarƙe shi. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Haka lokacin ba da magani: a duba sunan maganin da adadinsa da hankali ɗaya. Haka lokacin zagayen likitoci, domin a nan ake faɗin abin da aka sauya, kuma kai za a tambaya yadda ya kwana.

Lokacin magani ba ya matsawa saboda karatu. Idan an ce duk bayan awa takwas, to awa takwas ne. Ka sa ƙararrawar waya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada fatar bayansa da ƙugunsa ta yi gyambo, sai dai in ma'aikatan jinya sun faɗi wani tsarin. Wannan ma yana taimaka wa tsarinka, tunda tsakanin juyi da juyi akwai wurin zama ɗaya ko biyu.

Idan ana ƙarin ruwa, ka zauna inda kake ganin ledar, ka ɗaga kai duk bayan tambaya biyu ko uku. In ta kusa ƙarewa, ko ruwan ya tsaya, ko hannun ya kumbura, ka kira nas. Kada ka taɓa abin daidaita gudun ruwan da kanka. In kana sauraron darasi a waya, kunne ɗaya kawai za ka toshe. Kuma a ranar da jiki ya rikice, numfashi ya sauya, ko zazzaɓi ya hau, ko mara lafiya ya daina gane mutane, ranar ba ta karatun gefen gado ba ce.

To a irin wannan ranar, shikenan babu karatu?

Akwai ɗan abin da muke so kada ya faɗi: minti 20 a wuni, ko da a rarrabe, biyar nan biyar can. Katunan aljihu da tambayar Lissafi guda ɗaya. Ba sabon abu za a koya ba. Ana so ne kada zaren ya tsinke, domin wanda ya yi kwana huɗu bai taɓa littafi ba komawa na yi masa nauyi fiye da yadda kwana huɗun suka cancanta. Da babu gara ba daɗi.

Idan ranar ta fi haka tsanani har minti ashirin ɗin bai samu ba, an riga an cire irinta a lissafi tun farko. Sai dai ka riƙa ƙidayawa. In mako biyu a jere ranakun wuya sun kai huɗu a kowane mako maimakon biyu, lissafin awa 85 ya tashi, sai a zauna a sake shi da sabon adadi, a ƙara rage babobi.

Dare ne kaɗai lokacin da nake samun shiru. In riƙa kwana karatu?

A'a. Barci yana daga cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa, kuma mai jinya dama barcinsa a yanke yake. Wanda ya ƙara rage shi zai ga alamun cikin 'yan kwanaki: karanta layi ɗaya sau uku, kuskuren tarawa da ɗebewa a lissafin da ya iya, saurin fushi da mara lafiya. Mafi haɗari shi ne mantuwa a kan magani, ko an ba da na dare ko ba a ba da ba. Don haka ma yana da kyau a riƙa sa alama a takarda duk lokacin da aka ba da magani.

Idan kai ke kwana a asibiti, ka nemi barcin rana na awa ɗaya ko biyu lokacin da wani ya karɓe ka, ka ɗauke shi da muhimmanci kamar zaman karatu. Ga yawancin mutane bayan sallar asuba ya fi tsakar dare albarka: kai ya ɗan huta, gari da sanyi, ɗakin bai fara cika ba. Shayi mai ƙarfi ko kofi bayan la'asar yana hana ɗan barcin da za a samu, magungunan hana barci kuwa a nisance su ɗungurum.

Ina jin nauyin cewa a karɓe ni. Yaya zan yi wa 'yan uwa magana?

Babban zama ba ya samuwa sai da wannan maganar, don haka ba a tsallake ta. Abin da ke sa roƙon ya faɗi shi ne yin sa a dunƙule. "Ku riƙa taimaka min" kowa zai amsa da to, ba wanda zai zo. Ka faɗi rana da lokaci da ranar ƙarewa: "Yaya, don Allah ranar Talata da Alhamis da Asabar ki zauna da Umma daga bayan la'asar zuwa magariba, har in gama jarrabawa a watan Yuni." Mutum ya fi saurin amsa abin da ya san iyakarsa.

Idan wanda za a roƙa babba ne, kamar kawu ko baffa, ka bi ta hannun wanda yake jin maganarsa, ko ka je da jadawalin jarrabawar a hannu ka nuna masa ranakun. Manya da yawa ba ƙin taimako suke yi ba, ba su san cewa takardar ba ta jira ba ne. A gidaje da dama jinya kan faɗa kan 'ya mace ita kaɗai, alhali 'yan uwanta maza za su iya ɗaukar layin magani, da karɓo sakamakon gwaji, da kai abinci. Waɗannan aike-aiken su ne ke cinye wuni, kuma raba su ya fi sauƙi a kan raba kwana.

'Yan dubiya ma dama ce. Idan wata inna da aka saba da ita ta zo za ta daɗe, a gaisa sosai, sannan a ce: "Inna, tunda kina nan bari in ɗan duba littafi a waje, in an buƙace ni ga ni nan a baranda." Da wuya a samu wadda za ta ƙi.

Me zan riƙa ɗauka zuwa asibiti?

Kaɗan. Littafin tsofaffin tambayoyi na darasin ranar, littafin rubutu guda ɗaya na dukkan darussa, biro biyu, na'urar lissafi irin wadda aka yarda a shiga da ita jarrabawa, katunan aljihu, da ƙaramar fitila mai caji saboda ɗauke wuta. A sa su a leda mai rufewa, nesa da kwanon abinci da ruwa. Shafukan da ake buƙata daga manyan littattafai a ɗauke su hoto a waya. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa mara lafiya kafin a taɓa littafi, kuma in ciwon mai yaɗuwa ne kamar tarin fuka, a tambayi ma'aikata inda ya dace a zauna.

Waya tana da amfani wajen gwajin JAMB, tunda a kwamfuta ake yin jarrabawar, amma 'yan uwa masu tambayar jiki za su yi ta kira. A wakilta mutum ɗaya a gida ya riƙa ba dangi labari.

Makaranta fa? Na daina zuwa darasin ƙari.

Ka sanar da malamin ajinku ko jami'in jarrabawa halin da kake ciki tun da wuri, ka roƙi abu biyu: kada a manta da kai a duk abin da ya shafi rajista da ɗaukar hoton yatsa, kuma a faɗa maka ranakun gwajin aiki a ɗakin kimiyya. Aikin gwaji na Kemistiri da Fiziks da Bayoloji ba ya koyuwa a gefen gado. Auna ruwan asid da karanta ma'auni sai hannu ya taɓa, don haka waɗannan ranakun su ne na farko da za a nemi wanda zai karɓi jinya. Sauran darussan, aboki ɗaya amintacce ya riƙa turo maka hoton abin da aka rubuta.

Yaya za a tsara ranakun jarrabawar kansu?

Da zarar jadawali ya fito, ka zagaye ranakun darussanka biyar, ka rubuta sunan wanda zai zauna da mara lafiya a gaban kowace rana, da sunan na biyu ko da na farkon ya samu uzuri. Karɓar ta fara tun daren jajibiri, don ka samu barci. Ka bar wa mai karɓar takarda ɗaya: sunan kowane magani da lokacinsa, abin da mara lafiya ke iya ci da yadda ake ba shi, lokacin juyi, inda katin asibiti yake, da wanda za a kira in wani abu ya taso. Wanda za a kira kada ya zama kai, tunda ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ga JAMB, ka fitar da takardar da ke nuna cibiyarka da lokacinka da wuri, ka san hanyar wurin kafin ranar.

Idan duk da haka takarda ta wuce ni, ko sakamakon bai yi kyau ba?

Takardar WAEC da ta wuce ka ba a sake maka ita a wannan zangon, amma kada hakan ya sa ka bar sauran. Ka rubuta duk wadda za ka iya. WAEC ta makarantu takan kasance a watannin Mayu da Yuni, NECO kuma tana biyo bayanta a Yuni da Yuli, ga kuma jarrabawar masu zaman kansu da hukumomin biyu ke yi a ƙarshen shekara. Makarantu da yawa suna karɓar haɗin sakamakon zama biyu, sai dai wasu fannoni, musamman likitanci a jami'o'i da dama, suna son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, don haka a duba sharaɗin makarantar da ake nufi kafin a dogara da wannan.

Sanin haka yana sauya tsarin tun yanzu. Idan ɗalibarmu ta yi rajistar WAEC da NECO duka biyu, ta kuma ga a mako na biyar cewa jikin Umma ya cinye rabin lokacinta, tana iya tattara ƙarfinta a kan Turanci da Lissafi da Bayoloji a WAEC, ta rubuta Kemistiri da Fiziks da abin da ke kanta, sannan ta ba su makonnin da ke tsakani kafin takardunsu na NECO. JAMB ce ba ta da irin wannan sauƙin, domin sau ɗaya ake yin ta a shekara, saboda haka ranarta ce ta fi kowace buƙatar a tanadi masu karɓar jinya mutum biyu.